Kukan Kyanwar Gwaggo

Har yau in na ji kyanwa tana kuka da dare, haushi ne ke taso min daga ciki, sai na tashi na zauna bakin gado. Ƴaƴana suna ce min abin ya wuce, in bar shi. Su ne ya wuce wa. Ni a gabana aka yi, kuma a gidana.

Lokacin muna zaune a Tawa, cikin tsohon gari, a gidan ƙasa mai ɗaki uku, katangarmu ɗaya da maƙwabta. Shekarun nan ne da jam'iyyu suka fito, kowa da tutarsa a kan zaure, ga kuma kuɗi sun faɗi, abin da kika saya jiya yau ya fi ƙarfinki. Maigidana masinja ne a wani ofishin gwamnati, wata ya bi wata ba albashi, yau yajin aiki, gobe yajin aiki. Mutane duk sun ƙage, magana kaɗan sai faɗa.

A gidan akwai gwaggon maigidana, ƙanwar ubansa. Daga Kalfu ta zo bayan mijinta ya rasu, ba ta da ɗa mai rai. Ita ta goya maigidana yana jariri, shi ya sa ya je ya ɗauko ta. Tsohuwa ce doguwa, ba ta da yawan magana, ni kuwa baki ba ya hutawa, sai muka dace. Tana yin daddawar batso, ta irin yakuwa, da gabu, busasshen ganyen albasa, tana ƙullawa, yaran unguwa suna shigowa saye tun safe. A shekarun nan, gaskiya, sana'arta ce ke sa mana miya a tukunya.

Tana da kyanwa, mu nan mussa muke cewa. Tun tana ƴar mitsitsiya ta tsince ta a bakin kwata, fara ce mai baƙin kunne ɗaya. Tare suke kwana, tare suke shan hura. In Gwaggo tana salla, mussar na zaune a gefen buzu kamar mai jiran a shafa addu'a da ita.

Da sanyi ya fara sauka, mussar ta girma, sai ta canza. Ta dinga birgima a ƙasa, tana goga kai a ƙafar kowa, in ka shafa bayanta sai ta durƙusa ta ɗaga gindi ta kau da wutsiya gefe. Abinci ma ba ta damu da shi ba. Da rana ta faɗi sai kuka, wani irin kuka mai tsawo daga maƙogwaro, wanda bai san kyanwa ba zai rantse jariri ne aka yar. Muzurai kuma suka fara zuwa, wasu ban taɓa ganinsu a unguwar ba. Su hau katanga su yi ta gurnani, su kaure da faɗa, su bi bango da fitsari mai wari. Barci ya gagare mu, ya gagari maƙwabta.

Matar da muke katanga ɗaya da ita tana da yaro ƙarami, bai daɗe da yaye ba, yana fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ya rame, idanu sun faɗa. An kai shi asibitin unguwa, aka rubuta magani aka ce su je su saya, ba su saya duka ba. Ba na zarginta da wannan, kowa ya san halin da ake ciki. Wata safiya ta leƙo ta kan katanga, idonta ja.

“Maƙwabciya, don Allah ku yi wani abu da mussag ga taku. Ɗana bai runtsa ba.”

“Wallahi mu ma haka muka kwana,” na ce. “Za mu san yadda muka yi.”

Na ji tausayinta. Ni da Gwaggo muka yi shawara, muka ga abin da ya fi shi ne a kulle mussar a ɗakin Gwaggo da dare, a toshe taga da tsumma, kada ta hau katangar mutane. A ganinmu mutunci muka yi. Ta yi kukanta a ɗaki na wasu kwanaki, sai ta yi shiru, muka ce alhamdu lillahi. Ba a yi wata ba sai ga abin ya dawo, har ya fi na da. Muka sake kullewa. Ya tafi, ya sake dawowa.

To ga abin da ban hango ba. Da can kowa yana ganin kyanwa a kan katanga, ya san kyanwa ce. Yanzu ba a ganinta. Abin da ake ji shi ne kukan jariri yana fitowa daga ɗakin tsohuwa wadda ba ta da ɗa, ƙofa a rufe, taga a toshe, muzurai sun jeru a kan rufin ɗakinta kaɗai, ga yaro yana ramewa bayan bango. Ba a buƙaci wanda zai haɗa wa mutane lissafin ba.

Ni kunnena ba ya barin magana ta wuce. A wajen famfo na fara tsinta. Ina isowa da bokiti sai mata suka yi tsit, wata ta ce, “Ashe dai mutanen ƙauye da abinsu suke tahowa.” Wata ta amsa, “Ke dai ki riƙe ɗiyanki.” Ba su kama suna ba, amma na san inda kibiyar ta nufa. Sai yara suka daina shigowa sayen daddawa. Gwaggo ta shanya gabu, ya bushe, ta kwashe, ba wanda ya tambaya. In ta fita zuwa gaisuwa, uwaye su janye ƴaƴansu daga hanya, wata har tofa wa ɗanta yawu take a ka. Tsohuwar nan da take ba yaransu gyara a kan kowane ƙulli, ita ce yau mayya.

Gwaggo ta ci gaba da harkarta. Ta dai rage fita. Ni ce nake ta bambami a tsakar gida da ƙarfi don a ji ta kan katanga. Maigidana kuwa sai ya ce, “Ki yi haƙuri, maganar mata ce, za ta wuce.” Shi komai a wurinsa zai wuce.

A bayan layinmu akwai wani ma'aikacin ofishin dabbobi, likitan bisashe, mutumin kudu, kirista ne shi da iyalinsa. Matarsa ƙawata ce, ita ta koya min saƙar hular yara. Shi ma yajin aiki ya zaunar da shi gida. Na je na same shi a inuwar dogon yaro yana gyaran rediyo, na zayyana masa komai.

Ya yi dariya, sannan ya ga fuskata, ya daina.

“Maman yara, mussarku lafiyarta lau. Miji take nema.”

“Miji kuma? Da wannan ihun?”

“Ita ba ta da mai kai mata goro, da bakinta take shela. Macen kyanwa in ta balaga, lokacinta ya zo, haka take yi kwanaki kamar mako guda. Muzurai suna jin muryar, suna jin warinta daga nesa, su zo su yi ta faɗa a kanta. In ba ta sadu da namiji ba, abin ya lafa, bayan mako biyu ko uku ya dawo. Ku da kuke kulle ta, ku kuke ja wa kanku. Muzuran ma ba za su bar rufin ba tunda sun san tana ciki.”

Na dafe kai. Na ce, “To likita, ba allura? Ba ka iya yi mata abin da ake yi wa bunsuru?”

“Namiji ne mai sauƙi. Muzuru in aka fiɗiye shi, yawo da faɗa da fitsarin bango duk suna raguwa sosai. Mace kuwa sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ƙwai, shi ne maganin dindindin. A babban birni ana yi. Ni nan ko maganin sa barci ba ni da shi, ba zan yanka dabba tana ji ba. Abin da ya rage muku, ku buɗe mata ƙofa. Za ku sha ihu dare biyu ko uku, har da wata ƙara mai tsanani lokacin da namijin ke rabuwa da ita, kada ku tsorata, haka halittarsu take. In ta ɗauki ciki za ta yi shiru. Bayan wata biyu ta haihu, sai ku san inda za ku kai ƴaƴan. In ta yaye su kuma, ku sa rai abin zai dawo.”

Matarsa ta kawo min ruwa, ta ce, “Ka faɗa mata na tamu.” Ya ce tasu kyanwar wani kukan take yi, na roƙo. In ta yi kuka da asuba, matarsa ta tashi ta ba ta abinci, sai ta gane kuka ke kawo abinci. Maganin wannan, a gajiyar da ita da wasa da yamma, a ciyar da ita ta ƙoshi dab da kwanciya, in ta yi kuka a yi kamar ba a ji ba, kada a ba ta, kada ma a yi mata tsawa, don tsawar ma kulawa ce a wurinta. Ya ƙara da cewa tsohuwar kyanwa in ta fara kukan dare ba dalili, wannan sai a duba ta, ciwo ne ko kurumta ko ruɗewar tsufa. Duka kuwa ba ya hana ko ɗaya.

Na dawo gida da sauri, zuciyata fes, ina ganin magana ta ƙare. Ina shiga na tarar da maƙwabciyar a tsakar gidanmu, yaron a saɓe a kafaɗa, uwar mijinta na biye da ita, mata sun cika zaure. Maigidana na tsaye kamar an dasa shi. Gwaggo na zaune bakin ƙofarta tana jan carbi.

Uwar mijin ce ke magana. “Mu ba faɗa munka zo ba, Gwaggo. Abu guda muke roƙo. A kwantar da yaro, ki tsallake shi. In babu komi, ai babu komi.”

Wanda bai san al'adar ba, haka ake yi wa wadda ake zargi da maita. Ana cewa ta kama kurwar mara lafiya, in ta tsallake shi ta sake ta. In ta tsallaka, ta amsa laifi ke nan a gaban jama'a. In ta ƙi, a ce so take ta cinye shi. Ko ta ina aka bi, tsohuwa ce a ƙasa.

Na ajiye mayafi na shiga tsakani. “Inna, da girmanki. Mussa ce ke neman muzuru, yanzu na fito wurin likitan bisashe. Mu ne muka kulle ta, don wa? Don ɗiyan nan ya samu barci. Ke,” na juya ga uwar yaron, “ba ke kika leƙo kika roƙe ni ba?”

“Na roƙe ki ki hana kuka. Ban ce ki ɓoye shi ɗaka ba.”

Wata daga zaure ta ce, “Likitan awaki mi ya sani ga sha'anin kurwa? Shi da ko salla ba ya yi.”

“Shi dai ya san mussa,” na ce. “Ke kuwa ko taki akuyar in tana neman bunsuru, ai unguwa duk sai ta ji. Wa ya ce uwarki mayya ce?”

Aka yi dariya kaɗan, aka haɗiye. Da a nan aka tsaya, ina jin da na kore su da bakina. Sai maigidana ya matsa kusa da Gwaggo, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya, amma ni na ji, kuma na san duk wanda ke kusa ya ji.

“Gwaggo, ki yi musu kawai. Taki ɗaya ne. A zauna lafiya.”

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta dube shi.

“Ni na goya ka,” ta ce. “In ina cin ɗiyan mutane, da kai zan fara, kana da taushi.”

Ta juya ga uwar yaron. “Ɗiyata, kai shi babban asibiti. Ni ba ni tsallake ɗan kowa. Allah shi ba shi lafiya.” Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na maigidana ran nan ba. Maƙwabciya ɗanta ne ke mutuwa a hannunta, tsoro ya rufe mata ido, ina iya fahimta ko ban yafe ba. Shi fa? Ya san ƙarya ce. Bai yarda da maitar ba ko kaɗan, ya faɗa min da bakinsa. Kunyar maza a majalisa kawai yake ji, sai ya ga ya fi arha ya miƙa tsohuwar. Da mutane suka watse na ce masa, “Zaman lafiyar da ka saya yau, da fatar wa ka biya?” Ya ɗauki takalmi ya fita. Kwanaki ina ajiye masa tuwo ba tare da na dube shi ba.

Daren nan na cire tsumman taga, na buɗe wa mussar ƙofa da hannuna. Yadda likita ya faɗa haka aka yi. Aka kwana biyu ko uku ana yaƙi a kan rufi, sannan ta dawo da safe, ta cinye abin da ke kwano, ta miƙe a inuwa ta yi barci kamar ba ita ba. Muzurai suka watse. Unguwa ta yi tsit.

A cikin kwanakin ne kawun yaron ya zo daga Bambeye, ya ga halin da yake ciki, ya ɗauke shi ya kai babban asibiti, aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa da allurai. Yaro ya farfaɗo, ya fara cin abinci. Na yi murna har cikin raina, na ce yanzu kowa zai ga gaskiya: kyanwa ta samu abin da take nema ta yi shiru, yaro ya samu magani ya tashi.

A famfo na ji yadda suka karanta abin. “Kun gani? Tun da anka tona ta, kuka ya ɗauke, yaro ya miƙe. Tsoro ta ji ta sake shi.” Na dire bokiti. Da kukan ya ci gaba, hujja ce. Da ya tsaya, shi ma hujja ce. Na zage su tas, ba na musu, na kira kowace da abin da na sani a kanta, amma zagi bai sa ko yaro ɗaya ya dawo sayen daddawa ba.

Gwaggo ta jira har ranar da motar Kalfu ke tashi. Na tashi na ga ta ɗaure kayanta a zane, ta sa mussar a kwando ta rufe da faifai. Na riƙe ƙullin, na yi kuka, na ce ta bari in ci gaba da faɗa da su, ni ban gaji ba.

“Na san ba ki gajiya,” ta ce, har ta ɗan yi murmushi. “Bakin unguwa ba shi ya kore ni ba, ɗiyata. Unguwa ba ni na goya ta ba.”

Maigidana ya ce zai ɗaukar mata kaya zuwa tasha. Ta ce a'a, ni zan raka ta. Haka muka bi layin, ni da ƙulli a ka, ita da kwando, mata suna leƙe ta ƙofa, ba wadda ta ce Allah ya kiyaye hanya sai matar likita, da ta biyo mu da gudu da ƙunshin biredi.

Tun daga nan ban rabu da kyanwa a gidana ba, amma muzuru nake ajiyewa, in kai shi a fiɗiye tun yana matashi. Da magariba jikoki su yi ta ja masa zare har ya gaji, in ba shi abinci dab da za mu kwanta, in ya yi min kukan roƙo da asuba in juya masa baya. Muna barci lafiya. Ba wani sirri a ciki, abin da ya fi wannan wuya ma mutane sun koya.

Da damina ta kusa na shiga mota na je Kalfu ganinta. Ɗan ɗan'uwan mijinta ya ba ta bukka a gefen gida. Na same ta tana tsince gurguzu, irin yakuwar da take daddawa da shi, a faifai, ta ƙara ramewa. Mussar ta haihu a ƙarƙashin rumbu, ƴaƴan sun buɗe ido suna tuntuɓe da juna, mutanen ƙauyen har sun riga sun kama nasu saboda ɓeraye. Muka yi hira har la'asar, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yaron maƙwabciya ma, ta ce alhamdu lillahi da ya tashi.

Sai na isar da saƙon da aka ba ni. Na ce maigida ya ce in ba ta haƙuri, ɗakinta na nan an share, ta dawo.

Ta ci gaba da tsintar gurguzunta.

“Ki gaida yara,” ta ce.

“Shi fa, Gwaggo? Mi zan ce masa?”

“Ki ce kin iske ni lahiya.”

Ba ta sake taka Tawa ba. A Kalfu ta rasu, shekaru kaɗan bayan haka, kuma kafin saƙo ya iso mu har mu samu mota, an riga an kai ta.